Tatsuniyar Ɗan Akuya: Yadda Ake Shirya Yaro Ya Kwana a Shimfiɗarsa

A yawancin gidajenmu yaro jikin uwarsa yake kwana tun daga haihuwa har zuwa yaye, wato wajen shekara biyu. Sai wata rana cikin uwa ya tsufa, ko zafin bazara ya sa gado ya yi wa mutane kaɗan, a ce lokaci ya yi da zai koma tasa shimfiɗar. A nan rigima take farawa. Yaron da bai taɓa rufe ido ba sai da ɗumin uwarsa, an ajiye shi a katifa shi kaɗai, an ce masa ya yi barci. Ya yi kuka, a lallashe shi, ya sake, a gaji, a ƙarshe a jawo masa dodo.

Tatsuniya tana iya sauƙaƙa wannan aiki, amma ba kowace tatsuniya ba. Tatsuniyoyin da muka gada, na Gizo da Ƙoƙi, na kura da dodo, an gina su ne don yaran da suka yi wayo, masu zama a tsakar gida bayan sallar isha'i suna dariyar makircin Gizo. Aikinsu farkar da hankali. Ɗan shekara biyu da ake so ya yi barci kuwa, akasin haka yake bukata. Tatsuniyarsa gwaji ce: ana nuna masa a jikin wata dabba ainihin abin da zai faru da shi a wannan daren, mataki bayan mataki, har ya zama idan abin ya zo ya riga ya san shi.

Ɗan akuya ya dace da wannan aiki fiye da zaki ko giwa, domin yaro ya san shi. Ya gan shi yana tsalle a tsakar gida, ya ji kukansa idan uwarsa ta fita kiwo, ya ga yadda yake durƙusawa ya sha nono yana kaɗa jela. Halin akuya ma yana ba mai tatsuniya kayan aiki na gaskiya. Akuya ba ta son jiƙaƙƙen wuri, takan nemi busasshen wuri mai ɗan tudu ta kwanta, shi ya sa ake samun ta a kan dakali ko a kan kifaffen turmi. Idan ta kwanta takan yi tuƙa, bakinta na motsi a hankali.  Babu abin da za a ƙirƙira.

A ce yarinya ce mai shekara biyu da rabi. An yaye ta wata huɗu da suka wuce, an saya mata ƙaramar katifa an shimfiɗa a ƙasa, taku biyu daga gadon uwarta, an rataya mata gidan sauro. Bayan tuwon dare an wanke mata hannu da ƙafa, ta yi fitsari, an yi mata addu'a an shafa. Uwar ta zauna a bakin katifa, ta sassauta murya ta ce:

“Ga ta nan, ga ta nanku. Akwai wani ɗan akuya ja, sunansa Ɗan Ja. Kullum a jikin innarsa yake kwana. Ran nan ya miƙe ƙafa, sai ƙafar ta fita waje. Ya miƙe wuya, sai wuyan ya fita waje. Innarsa ta ce, ‘Ɗan Ja, ka girma, zo ka ga wurinka.’ Ta kai shi gindin rumfa, nan kusa da turkenta, inda aka baza busasshiyar ciyawa mai laushi.

“Ɗan Ja ya ci dusarsa. Ya sha ruwa. Innarsa ta lashe masa kunne, ta lashe masa goshi. Ya naɗe ƙafar gaba, ya naɗe ƙafar baya, ya kwanta.

“Can sai ya ji kur-kur-kur. Ya ɗaga kai ya ce, ‘Mee, Inna, mene ne?’ Ta ce, ‘Tantabara ce, ita ma tana kwance a ɗakinta.’ Ɗan Ja ya ce, ‘Inna tana nan, ni ma ina nan.’ Ya mai da kai.

“Can sai ya ji shuu, shuu. ‘Mee, Inna, mene ne?’ Ta ce, ‘Iska ce a ganyen darbejiya.’ Ɗan Ja ya ce, ‘Inna tana nan, ni ma ina nan.’ Ya mai da kai.

“Can sai ya ji cam, cam, cam. Bai ma tambaya ba, ya san innarsa ce take tuƙa. Ya lumshe ido ɗaya. Ya lumshe ɗayan. Da zakara ya yi cara, ya buɗe ido, ga innarsa tsaye a kansa. Ta ce, ‘Ɗan Ja, ka kwana lafiya a wurinka.’ Ƙurunƙus.”

Labarin ke nan, bai fi minti uku ba idan an faɗe shi a tsanake. Babba zai ce ai ba abin da ya faru a ciki. To, haka ake so. Jerin abubuwan da Ɗan Ja ya yi kafin ya kwanta, ci da sha da lasar kunne, su ne dai abin da aka yi wa yarinyar yanzun nan, kuma a tsari ɗaya. Idan a gidanku wanka ake yi wa yaro da dare, sai a sa wa Ɗan Ja wanka. Dalilin tashinsa daga jikin uwa shi ne ya girma, ba don an haifi wani ba, ba kuma don ya yi laifi ba. Wannan wurin yana da muhimmanci ƙwarai, domin yaron da ya fahimci cewa jariri ne ya kore shi daga gado, jaririn zai ɗora wa haushi.

Ƙararrakin da ke cikin labarin su ne zuciyarsa. Abin da ke hana ƙaramin yaro barci shi ne ya ji motsi a duhu bai san mene ne ba. Saboda haka kowace ƙara sai an ba ta suna, kuma sunan abu ne na gida wanda ya sani da rana. Uwa ta saurari daren unguwarsu ta ɗauko na gaskiya: janareton maƙwabta, haushin kare, babur da ya wuce, kiran assalatu. Idan yarinyar ta farka tsakar dare ta ji janareto, ta riga ta san abin da inna akuya ta ce a kansa. Kura ba ta da wuri a wannan labari, ko da an kore ta a ƙarshe. Ɗan shekara biyu bai gama rarrabe tatsuniya da gaskiya ba. Shigowar kurar zai riƙe, korar tata ba za ta zauna masa ba. Haka ma cewa “yi barci ko dodo ya zo”. Yana sa yaro ya yi shiru, gaskiya ne, amma shirun tsoro ne, kuma shi ne yake dawo da shi gadon uwa da ƙarfe biyun dare.

Jimlar nan ta “Inna tana nan, ni ma ina nan” kada a canza ta ko da kalma ɗaya. Bayan 'yan kwanaki yarinyar za ta fara karɓe ta daga bakin uwar, sai a riƙa dakatawa a bar ta ta ƙarasa. Abin da ake nema shi ne ta samu maganar da za ta faɗa wa kanta idan ta farka ba kowa kusa. Kowane ɗan Adam yana ɗan farkawa sau da yawa a cikin dare ya koma; bambancin yaron da ke kwana shi kaɗai da wanda ba ya iyawa shi ne na farko ya san yadda zai koma barci ba sai an goya shi ko an jijjiga shi ba. Shi ya sa ake so a gama tatsuniya idonta biyu, barci ya kama ta a kan katifarta. Idan a cinya ta yi barci aka ɗauke ta aka kwantar, za ta farka ta ga wurin da ba nan ta rufe ido ba, kuka ya tashi.

Labari kaɗai ba ya aiki idan uwa ta ɓace da zarar an ce ƙurunƙus. A dararen farko ta zauna a bakin katifa, hannunta a bayan yarinyar, har barci ya ɗauke ta. Bayan kamar kwana uku ta zauna a wurin amma ta janye hannu. Bayan wasu ukun ta koma bakin nata gadon, inda yarinyar ke ganin ta. Daga nan ta fara cewa “bari in rufe tukunya in dawo”, ta fita minti ɗaya, ta kuma dawo da gaske. Ƙarya ɗaya a wannan gaɓa tana rushe aikin mako guda. A kowane mataki inna akuya ita ma tana matsawa a cikin labari: yau tana gefen ciyawa, gobe tana turkenta, jibi ta je shan ruwa ta dawo. Idan yarinyar ta taso da dare, a mai da ita ba faɗa ba hira, a faɗi jimlar nan, a kwantar da ita. Wasu yara mako biyu ya ishe su, wasu sai sun fi haka, kuma ciwo ko tafiya kan mai da hannun agogo baya.

Mafi yawan lokacin da abin ya ƙi, ba labarin ne ya gaza ba, lokacin ne aka zaɓa ba daidai ba. Haɗa yaye da raba shimfiɗa a mako ɗaya nauyi biyu ne a kan ƙaramin kai. Haka kuma jira sai jariri ya iso. Gara a fara tun saura wata biyu ko uku a haihu. Wani lokacin kuma barcin rana ne ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar awa 11 zuwa 14 na barci a yini da dare, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaron da ya yi barci daga la'asar zuwa magariba, ko tatsuniya goma aka yi masa ba zai rintsa da wuri ba. Ba kuma dole ne a yi gaggawa ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito game da raba wa yara wurin kwanciya yana maganar shekara goma ne, ba biyu ba, don haka gidan da kwana tare bai takura wa kowa ba zai iya jinkirtawa.

Akwai kuma kukan da ba na tatsuniya ba ne. Yaron da ya zabura a farkon dare yana ihu, idonsa a buɗe amma bai gane uwarsa ba, da safe kuma bai tuna komai ba, firgitar barci ce. A tsare shi kada ya ji ciwo, ba sai an tashe shi ba. Wanda yake munshari mai ƙarfi kullum, numfashinsa na tsayawa yana dawowa, ko wanda yake jan kunne yana kuka, ko jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi, a jingine batun raba shimfiɗa sai ya warke. Yaron da ya bar gadon uwarsa ya bar gidan sauronta ma, saboda haka kafin daren farko a tabbatar an rataya masa nasa, an kuma cusa gefunansa a ƙarƙashin katifa.