Yadda Ake Rubuta wa Kamfanin Inshora Takardar Sauya Mai Karɓar Kuɗi ko Asusun Banki

Kamfanin inshora ba ya biyan kuɗi sai ga sunan da ke rubuce a fayil ɗinsa, kuma ta asusun bankin da aka ba shi. Faɗa wa wakilin kamfani da baki, ko ta waya, ba ya sauya kome. Don haka ake jawo hankalin jama'ar ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari masu inshorar rayuwa, ko takaful, ko fanshon da kamfanin inshora ke biya duk wata, su duba takardunsu duk lokacin da aka yi rasuwa, ko aure, ko saki, ko haihuwa, ko aka sauya banki.

Misalin yadda ake yi

Mu ɗauki misalin malamin firamare a Bodinga wanda ya rubuta sunan mahaifinsa lokacin da ya shiga inshora. Mahaifin ya rasu, asusun da ya bayar kuma na bankin Heritage ne, wanda Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisinsa a watan Yunin 2024. Idan bai yi gyara ba, kuɗin da za a aiko masa ba za su shiga ba. Idan kuma ya rasu, kamfanin na iya neman takardar kotu kafin ya biya iyalinsa, abin da kan ɗauki watanni.

Takardar da zai rubuta gajera ce. Bayan kwanan wata da adireshin kamfanin, sai ya ce: "Ni ne mai inshora mai lamba kaza. Ina neman a cire sunan mahaifina, wanda ya rasu, a sa matata kashi 40 cikin 100, da ɗana kashi 60 cikin 100. Ina kuma neman a mayar da biyan kuɗina zuwa sabon asusuna mai lamba kaza a banki kaza." Dole kason ya cika 100. Zai rubuta cikakken sunan kowannensu, da ranar haihuwa, da dangantakarsu da shi. Idan ɗan bai kai shekara 18 ba, sai ya ambaci babban mutum amintacce da zai riƙe masa kasonsa. Daga nan ya sa hannu irin wanda ya sa tun farko, ko ya dangwala yatsa a gaban shaida.

Zai haɗa da kwafin takardar inshorar, da shaidar zama ɗan ƙasa mai lambar NIN, da takardar banki da ke nuna sunansa da lambar asusu mai alƙaluma 10, da takardar shaidar rasuwar mahaifin. Yawancin kamfanoni suna da fom nasu da za a cika tare da takardar. Ba a taɓa rubuta lambar sirri ta katin banki a ciki.

Inda aka fi samun tangarɗa

Na farko shi ne saɓanin suna. Wanda ya rubuta Muhammadu a inshora, Muhammad a banki, ko ya ƙara sunan garinsu a ɗaya bai sa a ɗaya ba, ana iya dakatar da biyansa sai ya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Gara a daidaita sunan da na BVN da NIN kafin a aika.

Na biyu, gurbin dangi mafi kusa da ke cikin fom daban yake da gurbin mai karɓar kuɗi. Dangi mafi kusa shi ne wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, ba lalle shi za a biya ba. Ga wanda ke son a raba kuɗin bisa hukuncin gado, ya kamata ya tambayi kamfanin a rubuce ko wanda aka sa zai mallaki kuɗin ne, ko amana zai karɓa ya miƙa wa magada.

Tabbatar da an yi gyaran

A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya a ofishin kamfanin, a nemi a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata, a adana shi a gida inda iyali suka sani. Alamar cewa gyaran ya tabbata ita ce takardar da kamfanin zai aiko ɗauke da sababbin sunayen. A karanta ta harafi harafi. Game da banki kuwa, idan tsohon asusu yana aiki, kada a rufe shi sai kuɗi sun shiga sabon. In an yi shiru, a sake rubutawa tare da kwafin mai hatimi, in ya ci tura a kai kuka ga Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM.

Inshorar da ma'aikata ta yi wa ma'aikatanta a dunƙule kuwa, ta ofishin kula da ma'aikata ake bin gyaranta. Ana roƙon jami'an ƙananan hukumomi da ke wannan ofishi su gwada sunayen da ke cikin takarda da na katin shaida kafin su tura, su kuma ajiye kwafi a fayil ɗin ma'aikacin.