Abin da ke sa madara ta tsinke a tukunya

Duk wadda ta taɓa dafa shayi ta san wannan takaici: an zuba madara, sai ga ƙananan gudaji fari-fari suna yawo a sama, ruwan kuma ya koma tsararo. A gida sai a ce madarar ce ta lalace. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa lafiyarta ƙalau, yadda aka haɗa ta ne ya jawo.

Mu fara da nonon da muka sani. A cikin madara akwai wani furotin mai suna kezin, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar saniya. Yana yawo ne a ƙananan dunƙule da ido ba ya gani, kuma kowane dunƙule yana ture ɗan'uwansa, shi ya sa madara take zama sumul. Tsami yana kashe wannan turewar. Da zarar ta mutu, sai dunƙulen su manne da juna, su saki ruwa. Abin da ke faruwa ke nan idan aka zuba ɗan tsohon nono a madara aka rufe ƙwarya ta kwana, da safe a tarar da kindirmo. Can so muke ta kama, a shayi kuwa ba ma so, amma aikin ɗaya ne.

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. Sabuwar madara tana wajen 6.7, kezin kuma yana kamawa sosai a wajen 4.6. Tumatir yana tsakanin 4 da 4.6, lemon tsami kuwa ya gangara wajen 2. Tsamiya da yakuwa ma masu tsami ne ƙwarai. Ke nan miyar tumatir da ma tana bakin iyaka tun kafin a zuba komai.

To ina ruwan zafi? Zafi yana gaggauta abin. Madarar da ta ɗan fara juyawa, wadda harshe bai ma ji tsaminta ba, za ta zauna lafiya a kofi in tana da sanyi, amma ta shiga tafasasshen shayi sai ta tsinke nan take. A ƙasarmu mai zafi wannan ba wuya: gwangwanin madarar ruwa da aka huda da safe aka bari a buɗe, ko madarar gari da aka dama tun hantsi, kafin yamma ƙwayoyin cuta sun fara mayar da sukarin cikinta tsami. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗebi cokali biyu a ɗumama a ludayi. In ta yi gudaji ita kaɗai ba a sa mata komai ba, ta juya, kada a ɓata tukunyar shayi da ita. In kuwa lafiyarta lau, a duba shayin: ko an matsa lemon tsami, ko ganyen ya daɗe yana tafasa har ya yi bauri. Lemon tsami da madara dai ba sa zama kofi ɗaya, sai a zaɓi guda.

Ga misali da miyar tumatir ta kimanin lita 1 da ake son sa mata kofi 1 na madara. A bar tumatirin ya dahu sosai, a sauke tukunya ta daina tafasa. A wani kwano a dama cokali 1 na garin masara ko fulawa da madarar tun tana da sanyi, domin sitaci yana shiga tsakanin dunƙulen ya hana su mannewa. Sai a ɗebo miyar ludayi ɗaya a zuba cikin madarar ana juyawa, a ƙara na biyu, a ƙara na uku. Lura, miya ake kai wa madara tukuna, don ta sha zafi da tsami kaɗan-kaɗan. Bayan nan a juye duka cikin tukunya, a mayar kan wuta marar ƙarfi na 'yan mintoci har garin ya dahu, ba tare da ta tafasa da ƙarfi ba. Madara mai maiƙo ta fi jurewa, wadda aka cire wa mai ta fi saurin tsinkewa.

Iyayenmu kan jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami, kuma wannan dabarar tana aiki a nan ma. Sai dai ƙanƙanuwa, domin in ta yi yawa ɗanɗano zai canja.

In an riga an makara fa? Gudajin ba ya narkewa ya koma yadda yake, sai dai a tace ko a markaɗa ya yi laushi. Madarar da lemo ko tumatir ya tsinka ba ta cutarwa, muni kawai ta yi. Amma wadda ta tsinke don ta kwana a buɗe, tana wari ko ɗaci, zubarwa ake yi.