Entirofi Da Doka Ta Biyu: Abin Da Ke Sa Ƙanƙara Ta Narke Da Kanta

A ilimin kimiyya ana cewa abu yana faruwa da kansa idan ba ya bukatar a ci gaba da tura shi daga waje. Shayi mai zafi yana hucewa, gishiri yana narkewa a ruwa, hayaƙin turaren wuta yana game ɗaki. Kowanne cikinsu hanya ɗaya yake bi. Ba a taɓa ganin shayin da ya huce ya janyo zafi daga iskar ɗaki ya sake tafasa ba, haka nan hayaƙin da ya bazu ba ya tattaruwa ya koma kasko. Reshen kimiyyar da ke nazarin zafi da aiki, wato tamodainamik, yana da dokoki biyu da suka shafi wannan. Ta farko ta ce makamashi ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙirƙirarsa, sauya kama kawai yake yi. Sai dai wannan dokar ba ta hana shayin sake tafasa ba, domin zafin da iska za ta rasa shi ne shayin zai samu, lissafi ya cika. Doka ta biyu ce take hanawa.

Asalin dokar daga injunan tururi ne. A 1824 wani injiniyan Faransa, Sadi Carnot, ya nuna cewa inji ba ya samar da aiki sai zafi yana gangarowa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma akwai iyakar aikin da za a iya samu, komai ingancin injin. Bajamushe Rudolf Clausius ya ɗora a kan wannan a 1850, ya ce zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi zuwa mai zafi. A 1865 ya raɗa wa ma'aunin da ke bayan wannan hali suna entirofi, wanda ake rubutawa da harafin S. Dokar a taƙaice ita ce: duk abin da ya faru da kansa, idan aka haɗa entirofin abin da na duk abin da ke kewaye da shi, jimillar sai ta ƙaru.

Clausius ya ba da hanyar awo mai sauƙi. Idan zafi ya shiga wani abu a hankali, matakin zafin abin bai canza ba, ƙarin entirofinsa shi ne ΔS = Q/T. Harafin Q shi ne yawan zafin da ya shiga, ana auna shi da jul. Harafin T kuwa matakin zafi ne a ma'aunin Kalbin, wanda ake samu ta ƙara 273 a kan digirin Salshiyos. Abin lura a nan shi ne rabawar da ake yi da T. Zafi iri ɗaya ya fi ƙara entirofi a wuri mai sanyi fiye da a wuri mai zafi, kuma a kan wannan ɗan bambanci ne dukkan maganar ta rataya.

Narkewar ƙanƙara ta isa misali, domin ta daɗe tana karya wata fahimta da ta shahara. Manyan masana sinadarai na ƙarni na 19, irin su Marcellin Berthelot da Julius Thomsen, sun ɗauka cewa haɗuwar sinadarai tana faruwa da kanta ne idan tana fitar da zafi. Sau da yawa haka ne, kamar itacen da ke ci da wuta. Amma akwai abubuwan da ke faruwa da kansu alhali shan zafi suke yi, kuma ƙanƙara na gaba a cikinsu. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan jul kusan 334,000 kafin ya zama ruwa, kuma duk tsawon narkewar matakin zafinsa yana tsaye a digiri 0 na Salshiyos, wato Kalbin 273. In aka raba 334,000 da 273, entirofin ƙanƙarar ya ƙaru da kusan 1,223, a ma'aunin jul bisa Kalbin.

Wannan rabin lissafi ne. Zafin daga iskar ɗaki ya fito, don haka entirofin ɗakin ya ragu. A ɗakin da ke digiri 35, wato Kalbin 308, raguwar ita ce 334,000 a raba da 308, kusan 1,084. Ƙanƙara ta samu 1,223, ɗaki ya rasa 1,084, an samu rarar 139. Jimilla ta ƙaru, saboda haka ƙanƙara za ta narke ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Yanzu a mayar da ita cikin firiza mai digiri 10 ƙasa da sifili, Kalbin 263. Da za ta narke a can, firizar za ta rasa kusan 1,270, fiye da abin da ƙanƙarar za ta samu. Jimilla za ta ragu, don haka narkewa ta haramta, kuma akasinta ne zai faru: ruwan da aka saka zai daskare. A daidai digiri 0 riba da asara sun yi kunnen doki, ruwa da ƙanƙara suna iya zama tare ba wanda ya rinjayi wani. Ke nan digirin da ƙanƙara ke narkewa ba lamba ce da aka tsinta a banza ba, wuri ne da lissafin entirofi ya daidaita.

Me entirofi yake aunawa a zahiri? Ludwig Boltzmann, ɗan ƙasar Ostiriya, ya ba da amsa a 1877. Kowane abu tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma akwai hanyoyi masu yawa da ƙwayoyin da makamashinsu za su iya jeruwa ba tare da kamannin abin sun canza ba. Entirofi ma'aunin yawan waɗannan hanyoyi ne. An rubuta lissafin, S = k log W, a kan kabarinsa a birnin Biyana, inda W ke nufin adadin hanyoyin. A ɗauki ƙwayoyin hayaƙi guda 10 kacal a ɗakin da aka raba gida biyu, gabas da yamma. Kowace ƙwaya tana iya kasancewa a kowane ɓangare, abin da ya ba da hanyoyi 1,024. Hanya ɗaya tak ce take sanya dukkansu a gabas, alhali hanyoyi 252 ne ke raba su biyar-biyar. In ƙwayoyin suka kai yawan da ke cikin ainihin hayaƙi, damar su taru a gefe ɗaya ta yi ƙanƙantar da ba a sa ta a lissafi. Babu wani ƙarfi da ke tura hayaƙi ya bazu. Hanyoyin bazuwa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Haka ma ƙanƙara: ƙwayoyinta a ɗaure suke a jere, na ruwa kuwa suna yawo, don haka ruwa ya fi ta entirofi, tururi kuma ya fi su duka.

Littattafai da yawa suna bayyana entirofi da cewa hargitsi ne ko rashin tsari. Bayanin yana taimaka wa mai farawa, amma yana da illa, domin yana sa a ɗauka cewa tsari ba ya taɓa samuwa da kansa. Ga shi kuwa ruwa yana daskarewa, ƙwayoyinsa su jeru tsaf. Dokar ba ta hana entirofin wani abu guda raguwa ba, jimilla kawai take kallo. Firji yana rage entirofin abin da ke cikinsa, amma duk wanda ya taɓa bayansa ya san zafin da yake zubarwa. Zafin nan ya haɗa da wanda ya kwaso daga ciki da na wutar lantarkin da ya ci, kuma entirofin da yake ƙara wa ɗaki ya fi wanda ya rage. Randa kuwa ba ta bukatar lantarki. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana zama tururi, entirofinsa ya yi tsalle, ya tafi da zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa ta fi sanyaya ruwa a busasshiyar iskar hunturu da bazara fiye da lokacin damina, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da danshi.

Auna entirofin kewaye a kowane lokaci aiki ne mai wahala. Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale a Amurka ya kawo sauƙi a shekarun 1870. In matakin zafi da matsin iska ba sa canzawa, ana iya yin hukunci da abin da ake nazari shi kaɗai, ta hanyar ΔG = ΔH − TΔS. A nan ΔH zafin da abin ya sha ne, in kuma fitarwa ya yi sai a rubuta shi da alamar ragi. In ΔG ya fito ƙasa da sifili, abin zai faru da kansa. In ya haura sifili, ba zai faru ba sai an biya da aiki daga waje. Wannan ba sabuwar doka ba ce, lissafin ƙanƙarar nan ne aka sake wa tsari. Ya kuma nuna dalilin da ya sa Berthelot ya dace sau da yawa: a matakin zafi na yau da kullum TΔS yakan yi ƙanƙanta, sai ΔH ya yi rinjaye.

Gasa dutsen farar ƙasa, matakin da ake bi a masana'antun siminti irin na Sakkwato da Ashaka da Malbaza, yana nuna yadda zafi ke juya hukunci. Giram 100 na dutsen yana shan jul kusan 178,000 kafin ya rabu ya zama farar ƙasa da iskar kabon dayoksaid. Saboda iska ta fita daga dutse, entirofi yana ƙaruwa da kusan 160. A digiri 25, Kalbin 298, TΔS bai wuce 48,000 ba, don haka ΔG yana kusan 130,000 sama da sifili. Dutsen zai zauna a ƙasa shekaru miliyoyi bai rabu ba. In ana son sanin inda lamarin ke juyawa, sai a raba 178,000 da 160, a samu kusan Kalbin 1,110, wato wajen digiri 840 na Salshiyos. Lissafin kimantawa ne, tunda ΔH da ΔS suna ɗan motsawa in zafi ya ƙaru, amma bai yi nisa da gaskiya ba: a aikace ana gasa dutsen a wajen digiri 900.

Akwai tambayar da dokar ba ta amsawa, wato yaushe. Faruwa da kai ba ya nufin faruwa da sauri. Bisa lissafin Gibbs, a yanayin da mutane ke rayuwa, daimon ya kamata ya rikiɗe ya zama girafait, baƙin abin da ke cikin fensir, domin ΔG na wannan sauyi yana ƙasa da sifili da kusan jul 2,900 ga kowane giram 12. Amma ƙwayoyin daimon a ƙulle suke da juna, sauyin yana da jinkirin da ba a iya lura da shi. Fetur ma haka yake zaune a jarka tare da iska, ko da yake ƙonewarsa tana da ΔG mai nisa ƙasa da sifili, har sai tartsatsi ya ba shi makamashin farawa. Sinadaran da ake sakawa don hanzarta haɗuwa suna rage wannan shinge ne kawai, ba sa taɓa ΔG. Saboda haka in aka haɗa abubuwa a ɗakin gwaji ba a ga komai ba, akwai dalilai biyu da dole a bambance. In ΔG yana ƙasa da sifili, matsalar ta sauri ce, ana iya magance ta da ɗumi ko da sinadarin hanzartawa. In yana sama da sifili, babu sinadarin da zai yi amfani, sai dai a canza matakin zafi ko matsi ko yawan abubuwan da aka haɗa, ko kuma a shigo da aiki daga waje, kamar yadda ake raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin da wutar lantarki.