Ciwon Sukari: Nawa Ne Kuɗinsa A Shekara? Lissafi Daga Gada Biyu

Daga Wakilinmu a Jos

Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Gada Biyu da ke cikin garin Jos da sanyin asuba, zai ga masu keke suna ɗibar fasinja zuwa Taminus da Farin Gada da hanyar Rukuba. A cikin fasinjojin nan akwai waɗanda ko shayi ba su kurɓa ba, domin an ce su zo asibiti da cikinsu wayam a auna sukarin jininsu. Yawancinsu sun san abin da suka kashe a kemis makon jiya. Amma kaɗan ne za su iya faɗin abin da ciwon yake ci musu daga watan Janairu zuwa Disamba, alhali kuwa ciwon sukari ba baƙo ba ne da zai kwana uku ya yi sallama.

Abin da ya sa lissafin ya zama tilas shi ne yadda al'amura suka juya tun daga shekarar 2023. Ranar 29 ga watan Mayu na wannan shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Tun da yake insulin da tsinken gwajin jini galibi daga ƙasashen waje ake shigo da su, sai farashinsu ya bi dala, kuɗin mota kuma ya bi fetur. A watan Yuli na 2024 ne aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a wata, watau naira 840,000 a shekara. Da wannan mudu za mu auna.

Bari mu ɗauki misalin wani magidanci mai shekara hamsin da 'yan kai, mazaunin Gada Biyu, mai nau'i na biyu na ciwon, wanda aka fi samu ga manya, kuma yana ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Adadin ƙwayoyi da na tafiye-tafiye da za mu kawo lissafi ne tsayayye. Farashin kuwa na misali ne, sai mai karatu ya cire namu ya sa wanda ya tarar a kemis ɗin unguwarsu.

Likita ya rubuta masa metfomin mai miligiram 500, ƙwaya biyu da safe, biyu da dare. Huɗu ke nan a yini, 1,460 a shekara. In kowace ƙwaya ta tsaya a naira 40, ya kashe 58,400. Akwai kuma gilimefirid ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, a ce naira 100, watau 36,500. Sai maganin hawan jini, domin sau da yawa cututtukan nan biyu tare suke tafiya kamar ɗan jumma da ɗan jummai: amlodifin ƙwaya ɗaya a naira 50, ya ba da 18,250. Jimlar magani ta kama naira 113,150.

A nan akwai wurin yin sauƙi ba tare da cutar da kai ba. Metfomin sunan maganin ne na asali, kamfanoni da yawa kuwa suna yin sa, kowa da sunan da ya laƙa wa nasa da kuma farashinsa. Mai ciwo yana iya roƙon likita ya rubuta sunan asali, sa'an nan ya nemi mai harhaɗa magunguna ya nuna masa mai rahusa wanda ke ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Abin da ba ya cikin sauƙi shi ne rage ƙwaya. An sha ganin mai shan biyu ya koma ɗaya don katin ya kai ƙarshen wata, ko ya daina sam don ya ji garau. Sukari yana iya hawa ba tare da mutum ya ji komai ba, kafin ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama su bayyana kuwa ya riga ya yi nisa.

Sai zancen na'urar gwaji, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ita na'urar sau ɗaya ake sayenta, wani lokaci ma kyauta ake rabawa, musamman wajen ranar 14 ga Nuwamba da ake bikin ranar ciwon sukari ta duniya. Kuɗin yana ga tsinken da ake ɗiga wa jini, wanda masu kemis ke kira sitirif. Kowane tsinke sau ɗaya yake aiki, kuma kowace na'ura da irin nata. Na wannan kamfani ba ya shiga na wancan. Saboda haka kafin mutum ya yi murna da na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga Turai, ya fara zagaya kemis na Jos ya ga ko ana samun tsinkenta, kuma nawa ne. In babu, ta zama kayan ado a kan kanta.

Mutumin namu yana shan ƙwaya ne, sukarinsa kuma ya daidaita, don haka a ce likita ya yarda ya riƙa gwadawa sau uku a mako. Tsinke 156 ke nan a shekara. Gwangwani ɗaya yana ɗauke da hamsin, amma kada a lissafa uku, a lissafa huɗu, domin wasu za su lalace in jinin bai isa ba, ga kuma ranakun zazzaɓi da watan azumi da gwaji ke ƙaruwa. A kan naira 15,000 kowane gwangwani, 60,000 ke nan. A ƙara 5,000 na allurar huda yatsa da batir, ya zama 65,000. Tsinke ba ya son laima, damunar Jos kuwa mai yawa ce, saboda haka a rufe murfin da zarar an ɗauki ɗaya, a kuma duba takardar ciki, domin wasu suna da wa'adin 'yan watanni bayan an buɗe.

Tun da kowace ɗigar jini naira 300 ce, ya kamata ta biya kuɗinta. Wanda ke gwadawa kullum da asuba kaɗai, amsa ɗaya yake ta saye. Gara ya riƙa sauyawa: yau kafin karin kumallo, jibi awa biyu bayan tuwon rana, ya kuma rubuta a littafi da kwanan wata da abin da ya ci. Ga yawancin manya ana son gwajin asuba ya tsaya tsakanin 80 da 130 a na'urar da ke nuna mg/dL. In tana nuna mmol/L ne, sai a ninka lambar sau 18, watau 7 daidai take da 126. Duk abin da ya faɗi ƙasa da 70, musamman in da rawar jiki da gumi, sukari ya yi ƙasa, sai a sha abu mai zaƙi nan take. Gilimefirid yana iya jawo haka ga wanda ya sha magani bai ci abinci ba.

A asibiti, mu ɗauka ana ba shi ranar dawowa duk bayan wata biyu, sau shida a shekara, kowane zuwa naira 3,000 na ganin likita da awon sukari, watau 18,000. Akwai kuma gwajin da ake rubutawa HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, don haka kame baki na kwana biyu kafin ranar asibiti ba ya ruɗinsa. Ga yawancin manya ana neman ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin 100. Sau biyu a shekara a kan 10,000 ya ba da 20,000. Sai awon ƙoda da fitsari da kitsen jini da duban cikin ido sau ɗaya a shekara, a ce 25,000. Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa idan aljihu ya yi zafi, kuma a ganina shi ne kuskure mafi tsada, domin ƙoda da ido shiru suke lalacewa. Jimlar asibiti 63,000.

Kuɗin mota shi ne ake mantawa. Lamingo tana can gefen gari, daga Gada Biyu kuwa galibi sai an yi hawa biyu, a sauka a sake shiga wani abin hawan. Bugu da ƙari, ganin likita sau ɗaya yakan zama zuwa biyu: ranar ba da jini, da ranar kai sakamako. Shida ta zama sha biyu, da zuwa biyu na asibitin ido sha huɗu. A naira 2,000 zuwa da dawowa, 28,000 ke nan. In tsoho ne ko mai raunin gani da sai da ɗan rakiya, a ninka biyu. Ba mu ma sa cinikin yinin da ɗan kasuwa ya rufe shago ba. Wannan ne ya sa yana da kyau mutum ya kwatanta da asibitin Jankwano ko asibitin ƙwararru na jihar Filato da suke cikin gari, ya haɗa kuɗin kati da na mota wuri ɗaya kafin ya yanke wanda ya fi masa sauƙi.

To, in aka tara duka, naira 269,150 ce a shekara, kimanin 22,400 a wata, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi. Mai hankali zai ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda tashin farashi, ya ware wajen 27,000 duk wata.

Lissafin yana sauya kama ranar da likita ya ce ƙwaya ta gaza, sai an haɗa da insulin. Kwalba mai mililita 10 wadda aka rubuta wa U-100 tana ɗauke da awo 1,000. Mai yin awo 30 a yini yana bukatar 10,950 a shekara, kwalba goma sha ɗaya a takarda. Amma kwalbar da aka buɗe tana da wa'adin kimanin mako huɗu zuwa shida gwargwadon irinta, wani kuma yana zubewa wajen zuƙa, don haka a lissafa sha uku. A naira 15,000 kowace, 195,000. Sirinji biyu a yini, 730 a shekara a naira 100, ya ba da 73,000. Gwaji ya koma aƙalla sau ɗaya kullum, gwangwani takwas, 120,000. Ko da an cire gilimefirid, jimlar ta tashi zuwa naira 560,650, kashi biyu cikin uku na albashin nan.

Mai insulin ya lura da abu biyu, don kada kuɗinsa ya tafi a banza. Lambar sirinji ta dace da ta kwalba, domin wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Sa'an nan kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firiji tsakanin awo 2 da 8, ba daskarewa ba. Inda wuta ba ta tsayawa, akan sa ta cikin mazubi mai murfi a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, kuma sanyin Jos yana taimakawa. Duk da haka sayen kwalba shida a lokaci ɗaya don gudun tashin farashi caca ce ga wanda ba shi da tsayayyen firiji.

Akwai hukumar PLASCHEMA ta jihar Filato mai kula da shirin taimakekeniyar lafiya, akwai kuma hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda aka sa hannu a kan dokarta a watan Mayu na 2022. Wanda zai yi rajista ya tafi da takardar maganinsa a hannu, ya tambaya ɗaya bayan ɗaya: shin metfomin yana cikin jerin magungunansu, insulin fa, tsinken gwajin gida fa, gwajin HbA1c fa, kuma wane asibiti za a haɗa shi da shi? Abin da suka ɗauka sai ya soke daga lissafinsa, ya rubuta kuɗin rajistar shekara a madadinsa. Kuɗin keke daga Gada Biyu dai yana nan a wuyansa.