Yadda Ake Gwada Dabarar Cacar Ƙwallo da Python Ba Tare da Yaudarar Kai Ba

Matashin da ya iya Python kan zauna ya gwada dabarar cacarsa a kan wasannin da suka wuce, kwamfuta ta nuna masa riba mai tsoka, ya zuba kuɗin gaske, sai kuɗin su narke. Galibi laifin yana cikin gwajin ne, kuma kurakurai uku ne suke jawo hakan.

A ɗauki wannan dabara: a saka naira 1,000 a kan ƙungiyar da ke gida idan matsakaicin ƙwallayenta a wasannin gida 5 na baya ya kai 2. Shafin football-data.co.uk yana bayar da sakamakon Firimiyar Ingila kyauta, wasanni 380 a kowace kaka. A fayilolinsa, `FTHG` shi ne ƙwallayen masu gida, `B365H` kuma od ɗin nasararsu.

Kuskure na farko: leƙen gaba

Wannan yana faruwa ne idan lissafi ya yi amfani da bayanin da ba a sani ba kafin a take wasa. A ce ƙungiya ta ci 1, 1, 1, 2, 1 a wasanninta na baya. Matsakaicinta 1.2 ne, don haka bai kamata a saka mata kuɗi ba. Amma idan yau ta zura 5, kuma aka yi `rolling(5)` kai tsaye, wasan yau zai shiga lissafin, matsakaicin ya koma 2.0. Kwamfuta ta zaɓi wasan ke nan bayan ta ga sakamakonsa. Maganin shi ne `shift(1)`, wanda yake tsayar da lissafi a wasan da ya gabata:

```python
df["Date"] = pd.to_datetime(df["Date"], dayfirst=True)
df = df.sort_values("Date")
df["avg5"] = df.groupby("HomeTeam")["FTHG"].transform(
    lambda s: s.shift(1).rolling(5).mean())
```

Idan ribar ta ɓace da zarar an ƙara `shift(1)`, to tun farko babu ita.

Kuskure na biyu: mantawa da waɗanda suka faɗi

Kowace kaka ƙungiyoyi 3 suke faɗuwa daga Firimiya. Wanda ya tace bayanan shekara 10 ya bar ƙungiyoyin da ba su taɓa faɗuwa ba kawai, ya zaɓi masu ƙarfi ne da sanin da bai da shi a lokacin. Leicester City ta ɗauki kofi a kakar 2015/16, ta kuma faɗi a 2022/23. Mai caca a watan Agustan 2022 bai san za ta faɗi ba, saboda haka dole wasanninta su zauna a cikin gwajin. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: kowace kaka ta nuna ƙungiyoyi 20 da wasanni 380 kafin a fara tacewa.

Kuskure na uku: ɗinka dabara daidai da tarihi

Me ya sa wasanni 5, me ya sa ƙwallaye 2? Mai gwaji kan jarraba daga wasanni 3 zuwa 10, da ma'auni daga 1.0 zuwa 2.5 yana ƙara 0.1. Haɗi 128 ke nan, kuma da wuya a rasa wanda zai nuna riba saboda sa'a kawai.

Maganin shi ne a raba bayanai bisa lokaci. A zaɓi lambobin da kakannin 2014/15 zuwa 2020/21, a kulle su, sannan a gwada sau ɗaya tak a kan 2021/22 zuwa 2023/24. Wanda ya ga asara ya koma ya gyara lambobin, ya ɓata wannan kason na biyu. Akwai kuma alamar da ake lura da ita: idan wasanni 6 sun ba da riba amma 5 da 7 sun ba da asara, dace ne kawai.

Yadda ake karanta sakamako

Kamfanin caca ya riga ya cire rabonsa a cikin od. Idan od ɗin wasa 2.10, 3.40 da 3.60 ne, aka raba 1 da kowannensu aka haɗa, za a samu kusan 1.048. Wannan rarar ta kusan kashi 5 cikin 100 sai dabara ta haye ta kafin a yi maganar riba.

Yawan wasanni ma yana da tasiri. A caca 100 na naira 1,000 a kan od 2.00, sa'a kaɗai tana iya kawo riba ko asarar naira 10,000 cikin sauƙi. Saboda haka ribar kashi 10 cikin 100 a wasanni 100 ba hujja ba ce. Gwajin da aka tsabtace yakan nuna asara a dabaru masu sauƙi irin wannan, kuma ganin asarar a allon kwamfuta ya fi ganinta a asusun banki.