Ari sunan abin, ka bar musu jimlarsu: imel ɗin neman aiki a ƙungiyoyin duniya

Duk damina, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, matasa maza da mata na bin gida-gida a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan tsari a 2012, a Jigawa kuma ƙungiyar Malaria Consortium ta daɗe tana tallafa wa hukumomin lafiya a kansa. Ana zagayawa wata-wata, kowane zagaye maganin kwana uku ne, na ranar farko a gaban mai rabon ake sha, sauran a bar wa uwa. Wanda ya yi damina biyu ko uku a wannan aiki ya iya shiga gidan mutane da ladabi, ya iya cike takardar ƙidaya, ya san yadda ake lallashin magidancin da ya ce ba a ba ɗansa komai. Irin wannan gogewa ce ƙungiyoyi ke nema idan za su ɗauki ma'aikatan fili. Amma ran da sanarwar aiki ta fito a shafin ReliefWeb, ko wani ya turo ta a WhatsApp, mai wannan gogewa yakan rubuta imel ɗin da bai nuna ko ɗaya daga cikinta ba.

Hanya biyu ake ɓata. Wani zai rubuta cewa ya yi aikin lafiya a garinsu kuma yana da ƙwazo, ba tare da ya taɓa ko kalma ɗaya daga cikin sanarwar ba. Wani kuma, wanda aka gaya wa cewa sai an yi amfani da kalmominsu, zai kwashi sharuɗɗan gaba ɗaya ya liƙa, ya sa "ina da" a gaban kowanne. Na biyun ya fi yawa yanzu, musamman a wasiƙun da ake bugawa a shagunan kwamfuta, inda takarda ɗaya ke yi wa mutum goma hidima, suna kawai ake canzawa.

Don a gane inda duka biyun suka kauce, sai a dubi abin da ke gaban mai tacewa. A manyan ƙungiyoyi, kafin a kira kowa ganawa, ana jera sharuɗɗan da aka buga a sanarwar, a riƙa auna kowane mai nema da su ɗaya bayan ɗaya. Sanarwar kan kasa su gida biyu: waɗanda ke ƙarƙashin Essential, wato na dole, da waɗanda ke ƙarƙashin Desirable, waɗanda samunsu ƙari ne. Mai tacewa yana da tarin wasiƙu, idonsa na neman sunan abin da ke cikin jerinsa. Idan sanarwa ta ce SMC, wanda shi ne gajeren sunan wancan rabon maganin damina, kai kuma ka ce "aikin lafiya", ba lallai ya tsaya ya yi maka fassara ba. Idan kuma ya ga jimlar da ofishinsu ya rubuta ta dawo masa ba a taɓa ko waƙafi ba, babu abin da zai ba maki a kai, domin sharaɗi aka maimaita masa, ba a nuna an cika shi ba.

Ana yawan tsorata masu nema da cewa na'ura ce ke tace takardu tana ƙirga kalmomi. Akwai ƙamshin gaskiya a wuraren da ake cike fom a shafin ƙungiya, kamar yadda UNICEF ke karɓar nema ta shafinta, ko Majalisar Ɗinkin Duniya ta Inspira, inda ake iya yi wa mutum tambayoyin tacewa tun daga farko. Amma ƙananan ayyukan fili da ake cewa a turo imel, galibi mutum ne zai buɗe ya karanta. Shi ake rubuta wa.

Abin da ya kamata a ɗauka daga sanarwa daidai yadda yake kaɗan ne: sunan muƙamin, lambar sanarwar in akwai, sunan shiri, sunan manhaja ko kayan aiki, da sunan takardar shaida. Waɗannan sunaye ne, ba a yi musu kwalliya. Sauran kuwa, wato aikatau da wuri da lokaci da adadi, daga rayuwar mai nema za su fito.

A ɗauki misali. A ce wata ƙungiya tana neman mataimakin tattara bayanai a arewa maso yammacin Jigawa. Sanarwar da Turanci take, amma ga ma'anar sharuɗɗanta na dole: difloma ko abin da ya fi ta, gogewar aƙalla shekara ɗaya a aikin lafiya na cikin al'umma, musamman SMC, iya tattara bayanai ta waya da KoboCollect, da iya aiki tare da shugabannin al'umma. A ƙarƙashin na ƙari an sa sanin awon damtsen yara da MUAC. Mai nemanmu 'yar Roni ce, a ce ta yi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ta yi damina biyu tana rabon magani, ta uku kuma aka ba ta duba tawagogi.

In ta bi hanyar kwafi, ga abin da za ta aika: tana da gogewa a aikin lafiya na cikin al'umma musamman SMC, tana da iya tattara bayanai ta waya, tana da iya aiki tare da shugabannin al'umma. Duk gaskiya ne, amma mutumin da bai taɓa fita daga ɗakinsa ba, shi ma zai iya aika wannan jimla.

In ta zauna da sanarwar da biro, ta ja layi ƙarƙashin sunaye, ta rubuta a gefen kowanne abin da ta taɓa yi, sakin layinta zai fito kamar haka, kafin ta mayar da shi Turanci: "Na yi aikin SMC damina uku a ƙaramar hukumar Roni, biyu a matsayin mai rabon magani gida-gida, ta ukun ina duba tawaga biyar. A damina ta ƙarshe ni ke haɗa ƙidayar kowace rana in miƙa wa jami'in asibitin mazaɓa. Da wasu gidaje suka ƙi karɓar maganin a wani ƙauye, na je wurin mai unguwa da limami, muka koma tare washegari aka ba yaran."

A lura da jimla ta ƙarshe. Ba ta ce ta iya aiki da shugabannin al'umma ba, ta kira su da sunan da aka san su da shi, ta faɗi abin da ya haɗa su. Mai tacewa zai ga sharaɗi na huɗu ya cika ba tare da an nuna masa da yatsa ba. Idan tana tsoron kada ya wuce bai lura ba, tana iya sa kalmar sanarwar sau ɗaya, ta ce "shugabannin al'umma, wato mai unguwa da limami". Sau ɗaya ya isa. A ganina wannan ce jimlar da ta fi kowace daraja a wasiƙar, kuma ita ce masu nema suka fi yarwa, don suna ganin labarin ƙauye bai dace da takardar ofis ba.

Saura sharaɗi na uku, kuma a nan ne jarabawar take. A ce ba ta taɓa amfani da KoboCollect ba, amma ta taɓa cike fom a waya da ODK Collect a wani aikin ƙidaya. Manhajojin biyu 'yan gida ɗaya ne, KoboCollect a kan ODK Collect aka gina ta, wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuya da ɗayar ba. Abin da ya dace ta rubuta ke nan: ta yi aiki da ODK Collect, kuma ta san KoboCollect a kanta aka gina ta. Sunan da suke nema ya fito a wasiƙarta, ba ta kuma yi ƙarya ba. MUAC kuwa, in ba ta taɓa riƙe tef ɗin ba, ta bar shi, ai a jerin ƙari yake. Wanda ya ari kalmar don ado, ranar ganawa za a iya tambayarsa a ina ja ke farawa a jikin tef ɗin. Amsar ita ce ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, kuma duk wanda ya taɓa yin awon ba ya tsayawa tunani. Ƙungiyoyi da yawa suna kuma tuntuɓar waɗanda mutum ya yi aiki a ƙarƙashinsu kafin su ba shi takardar kama aiki.

Aikatau ma wurin tuntuɓe ne. Sanarwa kan ce mai muƙamin zai jagoranci kaza, zai tsara kaza. Mai kwafi sai ya ɗauki "jagoranta" ya ɗora a kan aikin da taimakawa kawai ya yi. 'Yar Roni ta duba tawaga biyar, ba ta jagoranci shirin ƙaramar hukuma ba, kuma mai tacewar da ya san tsarin SMC ya san mai wane matsayi ke yin me. Ƙaramin aiki da aka faɗa daidai girmansa ya fi shiga.

Akwai wurin da kwafi ya zama wajibi, shi ne layin Subject. Idan an ce a rubuta sunan muƙami da lamba da wurin aiki a can, a kwafa harafi da harafi, domin da wannan layi ake ware wasiƙu a akwatin imel, kuma wadda aka rubuta wa "neman aiki" kawai tana iya ɓacewa a cikin tarin. Haka sunan fayil, in an faɗi yadda ake so a raɗa wa CV. Sannan kalmomin da aka ɗauko su dace da abin da ke cikin CV ɗin: kada imel ya ce damina uku, takarda ta nuna biyu.

Kafin a danna Send, a ajiye sanarwar kusa da wasiƙar a karanta su tare. Duk inda kalma biyar ko shida suka jeru iri ɗaya a duka biyun, in ba sunan muƙami ko na shiri ba ne, a warware jimlar a sake ɗinka ta. Sai a bi jimlolin ɗaya-ɗaya ana tambaya: akwai gari, ko shekara, ko adadi, ko wani abu da ya faru a cikinta? Wadda babu ko ɗaya, ko dai a cika ta ko a goge. Imel ɗin kansa kada ya wuce sakin layi uku ko huɗu: na farko ya faɗi muƙamin da inda aka ga sanarwar, na tsakiya ya ɗauki sharuɗɗan dole bisa jerin da suka zo, na ƙarshe ya ambaci takardun da aka maƙala. Idan sharuɗɗan dole sun kai takwas, a zaɓi uku ko huɗu da aka fi ƙarfi a kansu don imel, sauran a bar wa CV.