Me ya sa hoto yake koɗewa idan ka haɗa laftof da talabijin?

Ka ɗauko wayar HDMI ka haɗa laftof da talabijin don kallon fim, sai ka ga hoton ya koɗe, kamar hazo ya sauka a kan allon. Wani kuma akasin haka yake gani: duk inda aka nuna dare ko inuwa sai ya zama baƙi ƙirin, ba a gane fuskar kowa. Da yawa kan zargi wayar, su sayo wata. Galibi wayar lafiyarta ƙalau. Na'urorin biyu ne ba su yi ittifaƙi a kan wace lamba ce baƙi ba.

Kowane ɗigo a allo ana sarrafa haskensa ne da lambobi daga 0 zuwa 255. A tsarin kwamfuta, 0 ita ce baƙi, 255 ita ce fari. Wannan shi ne abin da za ka ga an rubuta Full a saiti. Harkar talabijin da finafinai kuwa tana da nata ma'aunin tun da daɗewa: baƙi yana kan 16, fari yana kan 235, ana kiransa Limited. Kowanne daidai yake, muddin mai aikawa da mai karɓa suna kan ma'auni ɗaya.

Mu ɗauka laftof ɗin yana aika Limited, talabijin kuma tana jiran Full. Idan laftof ya aika 16 yana nufin baƙi, ita talabijin sai ta ɗauka toka-toka ake so, tunda a wurinta baƙi sai an kai 0. Farin ma ya tsaya a 235, bai kai ƙarshe ba. Ga koɗewar nan. Idan kuma aka juya, laftof yana aika Full, talabijin tana jiran Limited, duk lambar da ke ƙasa da 16 za ta mayar da ita baƙi ɗaya. Baƙar riga da inuwar da ke bayanta sai su haɗe.

Gwajin ba wuya. Kunna fim mai baƙaƙen layuka a sama da ƙasa, ka kashe fitilar ɗaki. Idan layukan sun fito toka-toka, alhali da ba haka suke ba a wannan talabijin ɗin, to matsala ta farko ce.

A laftof mai katin NVIDIA, buɗe NVIDIA Control Panel, shiga Change resolution, nemi Output dynamic range, ka duba me aka zaɓa. Sai ka koma talabijin. A Samsung, saitin sunansa HDMI Black Level: Normal yana tafiya da Full, Low yana tafiya da Limited. Idan laftof yana kan Limited, talabijin kuma tana kan Normal, ka kama ɓarawon. Gyara ɗaya daga ciki kawai. In ka sauya duka biyun, ka koma gidan jiya ta ɗaya gefen. Kuma kada ka nemi gyara da Brightness, don rage shi yana dusar da hoton ne gaba ɗaya, saɓanin yana nan.

To idan ma'aunin ya dace amma hoton bai gyaru ba fa? Sai a duba HDR. Hoton da aka saba da shi an tsara shi ne a kan allo mai hasken nit 100, nit ɗin nan ma'aunin ƙarfin hasken allo ne. HDR10 kuwa lambobinsa na iya bayyana haske har nit 10,000, launukansa ma sun fi faɗi. Ma'anar lambobin ta sha bamban, shi ya sa idan manhaja ko allo suka karanta fim ɗin HDR a matsayin hoton gama-gari, launuka kan fito a koɗe, ja ya koma kamar tsohon fenti.

Akwai kuma talabijin masu araha da ke karɓar siginar HDR amma haskensu bai wuce nit 300 ko kusa da haka ba. Fim ɗin da aka shirya don nit 1,000 dole su matse shi ya shiga ɗan abin da suke iyawa, kuma sau da yawa sai hoton ya yi duhu, musamman a falo da rana.

A Windows 11, shiga Settings, System, Display, ka kashe Use HDR. Idan launi ya dawo nan take, ka gano tushen. A irin wannan talabijin, barin sa a kashe ya fi. Idan kuwa allonka mai ƙarfin haske ne, fim yana fitowa da kyau amma shafukan intanet sun dushe, bar HDR a kunne, ka ja SDR content brightness har farin shafi ya yi maka daidai a ido.